Yadda ake tara lissafin gurbi ɗaya daga shafukan watanni 12 da fomula guda a Excel

Mafi yawan masu riƙe da lissafin kasuwanci a Excel suna ware wa kowane wata shafinsa, tun daga Janairu har zuwa Disamba, sannan su buɗe wani shafi na daban domin jimlar shekara. Idan lokacin cike shafin jimlar ya zo, abin da aka saba gani shi ne doguwar fomula mai alamar tarawa sau 11, wadda take farawa da `=Janairu!B4+Fabrairu!B4+Maris!B4` ta ci gaba a haka har ƙarshen shekara. Wannan fomular tana bayar da amsa, amma idan aka tsallake wata ɗaya ko aka maimaita wani, ido ba ya saurin kamawa, kuma duk lokacin da aka ƙara sabon shafi sai an koma an gyara ta da hannu a kowane gurbi. Excel yana da gajeriyar hanya ta yin wannan aiki, wato nuni mai fuska uku, wanda Microsoft ke kira 3-D reference a bayanan taimakonsa. Fuska ta farko ita ce layi, ta biyu ginshiƙi, ta uku kuma jerin shafukan da ke cikin fayil ɗin.

Rubuta fomular ba ya ɗaukar minti ɗaya. Abin da yake buƙatar natsuwa shi ne fahimtar cewa wannan nuni ba ya karanta sunan kaya kuma ba ya sanin wata, matsayi kawai yake bi: matsayin gurbi a cikin shafi, da matsayin shafi a cikin jerin shafuka. Kusan duk kuskuren da ake samu da shi daga nan yake tasowa, saboda haka mafi yawan wannan jagora a kan tsare waɗannan matsayai biyu za ta tsaya.

Misalin da za mu yi aiki da shi

A ɗauka wani gidan burodi ne yake rubuta kayan da ya saya a shekarar 2025. Fayil ɗinsa yana da shafi mai suna `Jimla` a can hagu, sai shafuka 12 na watanni suna biye da shi a jere. A kowane shafin wata, layi na 3 yana ɗauke da kanun ginshiƙai, ginshiƙin A na sunan kaya ne, B na adadin da aka saya, C kuma na kuɗin da aka kashe. Fulawa tana layi na 4, sukari a na 5, bota a na 6, dizal a na 7, albashi a na 8, sannan gurbin `C9` yana tara kuɗin watan gaba ɗaya.

Buhunan fulawar da aka saya, waɗanda ke gurbin `B4` na kowane shafi, su ne 120 a Janairu, 110 a Fabrairu, 150 a Maris, watan da azumi ya faɗo a wannan shekarar, 130 a Afrilu, sai 115 a Mayu da 115 a Yuni. Rabin shekarar farko ke nan, buhu 740. Daga Yuli zuwa Disamba kuma an sayi 120, 125, 120, 125, 130 da 140, wato buhu 760. Jimlar da muke sa ran gani ita ce buhu 1,500, kuma yana da kyau a riƙe wannan adadi a rai, domin da shi za mu auna kowace matsala da za ta biyo baya.

Shirya shafukan kafin rubuta fomula

Sharaɗin farko shi ne dukkan shafukan watanni su zama iri ɗaya sak wajen tsari. Hanyar da ta fi tabbatar da haka ita ce a gina shafin Janairu shi kaɗai har ya kammala, da kanunsa da sunayen kayansa da fomular jimlarsa, ba tare da an shigar da alƙaluma ba, sannan a kwafe shi sau 11. Ana yin kwafin ta hanyar danna sunan shafin da ke ƙasan allo da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Move or Copy, a sa alama a Create a copy, sannan a danna OK. Wanda hannunsa ya saba yana iya riƙe maɓallin Ctrl ya ja sunan shafin zuwa dama, sakamakon ɗaya ne. Kowane kwafi zai fito da suna irin `Janairu (2)`, sai a danna sunan sau biyu a sauya shi zuwa na watan da ya dace.

Ina ba da shawarar a bar layuka uku ko huɗu babu komai a ƙarƙashin kaya na ƙarshe tun daga farko, kafin layin jimla, domin babu gidan burodin da zai shekara bai sayi wani sabon abu ba. Misalinmu bai bar irin wannan sarari ba, kuma nan gaba kaɗan za a ga abin da rashinsa yake jawowa. Shi ma shafin `Jimla` ya fi dacewa ya kasance kwafin wannan tsarin, ta yadda fulawar shekara za ta zauna a `B4` kamar yadda take a shafukan watanni.

Game da sunayen shafuka, kalma ɗaya marar tazara ta fi sauƙin aiki. Idan sunan yana da tazara a tsakiya, ko ya fara da lamba, ko ya yi kama da adireshin gurbi kamar `Jan25`, to Excel yana buƙatar a kewaye sunayen da alamar `'`, kamar yadda za a nuna a ƙasa.

Rubuta fomular mataki bayan mataki

A buɗe shafin `Jimla` a danna gurbin `B4`, sannan a rubuta `=SUM(` a dakata, kada a danna Enter tukuna. Daga nan sai a danna sunan shafin Janairu a ƙasan allo. Sai a riƙe maɓallin Shift a danna sunan shafin Disamba, nan take dukkan sunayen da ke tsakaninsu za su yi haske, alamar an zaɓe su tare. Bayan haka a saki Shift, a danna gurbin `B4` a shafin da ke kan allo, wanda zai kasance na Janairu, a rufe baka, a danna Enter. Excel zai koma shafin `Jimla` da kansa, kuma fomular za ta kasance kamar haka:

```
=SUM(Janairu:Disamba!B4)
```

Amsar da za ta fito ita ce 1,500. Ɗigo biyun da ke tsakanin sunayen suna nufin daga wannan shafi zuwa wancan tare da duk abin da ke tsakaninsu, alamar motsin rai kuma ita ce take raba sunayen shafuka da adireshin gurbi. Ana iya rubuta fomular kai tsaye da hannu ba tare da linzami ba. Idan sunayen suna da tazara, alamar `'` guda biyu kacal ake sawa, ɗaya kafin sunan farko, ɗaya bayan sunan ƙarshe, ba kowane suna da nasa biyun ba:

```
=SUM('Janairu 2025:Disamba 2025'!B4)
```

Da zarar gurbi ɗaya ya yi daidai, ba a buƙatar maimaita matakan ga sauran. Adireshin `B4` ba shi da alamar `$`, saboda haka idan aka kama ɗan murabba'in da ke kusurwar ƙasa ta dama ta gurbin aka ja shi zuwa `C4`, sannan aka ja ƙasa har layi na 8, adireshin zai riƙa sauyawa da kansa zuwa `C4`, `B5`, `C5` da sauransu, sunayen shafukan kuma su tsaya yadda suke. Haka nan ana iya bai wa fomular zango maimakon gurbi ɗaya, misali `=SUM(Janairu:Disamba!C4:C8)`, wadda za ta tara gurabe biyar daga kowane shafi, gurabe 60 ke nan baki ɗaya. Idan lissafin wata uku na farko ake so, sai a rubuta `Janairu:Maris` a madadin `Janairu:Disamba`, a samu buhu 380.

Waɗanda ke amfani da Excel na Faransanci, kamar yadda yake a ofisoshi da yawa a Nijar, za su rubuta `SOMME` a wurin `SUM`, sauran tsarin bai sauya ba. A LibreOffice Calc kuwa ɗigo ɗaya ake amfani da shi wajen haɗa sunan shafi da gurbi, kuma ana maimaita adireshin a ɓangarorin biyu, wato `=SUM(Janairu.B4:Disamba.B4)`. Google Sheets bai san irin wannan nuni ba, don haka wanda zai mayar da fayil ɗinsa can sai ya jera shafukan ɗaya bayan ɗaya a cikin fomular.

Abin da ke tsakanin shafin farko da na ƙarshe

Excel bai san cewa Maris yana zuwa bayan Fabrairu ba. Abin da yake dubawa kawai shi ne waɗanne shafuka ne suke zaune tsakanin sunaye biyun da aka ba shi a daidai wannan lokacin. Duk shafin da aka saka ko aka jawo tsakaninsu ya shiga lissafi nan take, duk wanda aka fitar daga tsakaninsu kuma ya fita, alhali rubutun fomular bai sauya ko da harafi ɗaya ba. Shafin da aka ɓoye da Hide ma yana cikin lissafi matuƙar yana tsakanin iyakokin biyu, kuma wannan yana ruɗa mutane ƙwarai, domin suna ƙirga abin da suke gani su samu adadi ɗaya, fomula kuma ta ba su wani.

Ga yadda wannan yake faruwa a aikace. Akawu yana so ya gwada wani gyara a lissafin Maris ba tare da ya taɓa na asali ba, sai ya kwafi shafin, kwafin ya zauna kusa da na asali da suna `Maris (2)`. Daga wannan lokacin jimlar fulawa ta tashi daga 1,500 zuwa 1,650, domin an ƙirga buhu 150 na Maris sau biyu, kuma babu wani gargaɗi da zai bayyana a allo. Idan ya gama gwajinsa ya ɓoye kwafin maimakon ya goge shi, to kuskuren ya samu wurin zama har ƙarshen shekara.

Matsala ta biyu kishiyar wannan ce, kuma ta fi yawa a wurin waɗanda suke buɗe shafin wata sai watan ya kama. A ce a watan Yuni aka rubuta fomular, lokacin shafuka shida ne kawai, sai ta zama `=SUM(Janairu:Yuni!B4)` da amsa 740. Da Yuli ya shigo aka buɗe masa shafi a daman Yuni, wato a wajen iyaka, sai jimlar ta tsaya cak a 740 maimakon ta koma 860. Wanda ba ya duba jimla kowane wata yana iya kai wa Oktoba bai lura ba.

Maganin wannan shi ne a kafa shafuka biyu marasa komai su zama iyaka, ɗaya kafin watan farko, ɗaya bayan watan ƙarshe. A sa wa na farko suna `Farko`, na biyu kuma `Karshe`, da k marar lanƙwasa domin sauƙin bugawa a kowace kwamfuta. Jerin shafukan zai zama `Jimla`, `Farko`, watanni, sannan `Karshe`, fomular kuma ta koma haka:

```
=SUM(Farko:Karshe!B4)
```

Yanzu ƙa'idar ta zama mai sauƙin faɗa wa kowane ma'aikaci: sabon wata yana shiga hagu da `Karshe`, duk wani shafin gwaji ko na ajiya kuma yana zama dama da shi. Shafukan iyakar biyu dole su kasance fayau, ba a rubuta musu ko da bayani ba, domin duk lambar da ta faɗa cikin gurbin da ake tarawa za ta shiga jimla. Ban ga amfanin ɓoye su ba, tunda wanda ba ya ganin iyaka ba zai san gefen da zai ajiye sabon shafi ba. Gara a danna sunayensu da maɓallin dama a ba su launi mai ɗaukar ido ta Tab Color.

Wannan tsari yana da wata fa'ida da ake mora kullum. Idan ana son jimlar Janairu zuwa Satumba kawai domin wani rahoto, sai a ja `Karshe` a ajiye shi tsakanin Satumba da Oktoba, dukkan fomulolin shafin `Jimla` su sauya lokaci guda, fulawa ta nuna buhu 1,105. Sai dai wajibi ne a tuna a mayar da shi wurinsa idan an gama. Kada kuma a ja shafin iyaka har ya tsallake ɗan'uwansa, domin idan `Karshe` ya koma gaban `Farko`, Excel yana sauya sunan iyakar a cikin fomulolin zuwa shafin da ke maƙwabtaka da inda ya baro, kuma mayar da shi wurinsa ba ya dawo da fomulolin yadda suke. Idan hakan ta faru, sai an sake rubuta su.

Shi kansa shafin `Jimla` ba ya shiga tsakanin iyakokin. Idan aka jawo shi ciki, fomular da ke `B4` za ta zama tana tara kanta da kanta, Excel kuma zai fito da gargaɗin circular reference. Wannan kuskuren aƙalla yana sanar da kansa, kuma gyaransa bai wuce a mayar da shafin hagu da `Farko` ba.

Idan layi ya goce a shafi ɗaya

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace ɓarna, kuma ita ce dalilin da ya sa na nace a kan tsari iri ɗaya. A fomular da aka saba, mai nuni ga shafi ɗaya kamar `=Yuli!B5`, idan aka saka sabon layi a saman layi na 5 a shafin Yuli, Excel yana gyara fomular da kansa ta koma `B6`. Nuni mai fuska uku ba ya yin haka idan shafi ɗaya ne kawai aka taɓa, domin adireshi ɗaya ne yake wakiltar shafukan duka, ba zai yiwu ya zama `B5` a shafuka 11 kuma `B6` a ɗaya ba.

A ce a watan Yuli an sayi yis katan 6, mai shigar da bayanai ya ga ya dace ya zauna kusa da fulawa, sai ya saka sabon layi a ƙarƙashin layi na 4. A shafin Yuli kaɗai, yis ya zama layi na 5, sukari ya sauka zuwa na 6, bota na 7, dizal na 8, albashi na 9, jimlar wata kuma ta koma `C10`. Idan gidan burodin yana sayen sukari buhu 20 kowane wata, jimlar shekara ya kamata ta zama 240, amma fomular `B5` za ta ɗauki 20 daga watanni 11 ta haɗa da 6 na yis, ta bayar da 226. Buhunan sukarin Yuli kuma za su faɗa cikin lissafin bota, kuɗin bota cikin na dizal, kuɗin dizal cikin albashi. Fomular da ke tara `C9` kuwa, wadda aka yi domin jimlar kuɗin watanni, za ta ɗauki albashin Yuli kaɗai a matsayin kuɗin watan gaba ɗaya. Fulawa ce kawai za ta tsira da 1,500 ɗinta, saboda tana saman inda aka saka layin. Duk alƙaluman za su fito lafiya lau ba tare da alamar kuskure ba, kuma 226 bai yi nisa da 240 ba har ya tayar wa mutum da hankali.

Idan dole ne a ƙara layi, ana ƙara shi ne a dukkan shafuka lokaci guda. A danna sunan `Jimla`, a riƙe Shift a danna `Karshe`, ta yadda za a haɗa shafin jimla da na iyaka da na watanni duka. Kalmar Group za ta bayyana a saman allo kusa da sunan fayil. Sai a danna lambar layin da maɓallin dama, a zaɓi Insert, a rubuta sunan sabon kayan a ginshiƙin A, zai shiga kowane shafi. Nan take bayan an gama a danna sunan ɗaya daga cikin shafukan da maɓallin dama a zaɓi Ungroup Sheets, domin muddin shafukan suna haɗe, duk lambar da aka buga a gurbi ɗaya tana maye gurbin abin da ke wannan adireshin a dukkansu, kuma ta haka ake shafe lissafin shekara guda da bugu ɗaya. Daga nan a goge sunan kayan da ya shiga `Farko` da `Karshe`, a koma `Jimla` a cika fomular sabon layin, a kuma duba fomulolin layukan ƙasa ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowace tana nuni ga lambar layin da take zaune a kai, sannan a tabbatar fomular jimlar wata ta haɗa da sabon layin.

Idan mutum fiye da ɗaya ne ke shigar da bayanai, kulle tsarin ya fi jan kunne amfani. A shafin samfuri, kafin a kwafe shi, a zaɓi guraben da ake cikewa, wato `B4` zuwa `C8`, a shiga Format Cells, a buɗe Protection, a cire alamar Locked, sannan a je Review a danna Protect Sheet. Daga nan ana iya buga lambobi a waɗannan guraben, amma ba a iya saka layi ko goge shi, kuma kwafin shafin yana tafiya da kullensa. Protect Workbook, wanda shi ma yana ƙarƙashin Review, yana hana ƙara shafi, motsa shi ko sauya masa suna, wanda ke toshe matsalar `Maris (2)` tun daga tushe. Ya fi dacewa da fayil ɗin da aka riga aka buɗe wa watanni 12 ɗinsa.

Gurabe uku na bincike

Tunda mafi yawan waɗannan kurakurai shiru suke yi, ya kamata shafin `Jimla` ya ƙunshi wasu gurabe a gefe waɗanda aikinsu kawai tona asiri. Na farko yana ƙirga shafukan da ke cikin iyaka, da fomular da ke aiki daga Excel 2013 zuwa sama:

```
=SHEETS(Farko:Karshe!A1)-2
```

An cire 2 ne saboda shafukan iyakar. Amsar da ta dace ita ce 12, kuma da yake tana ƙirga har da ɓoyayyun shafuka, idan ta nuna 13 to akwai baƙo a ciki, sai a danna sunan wani shafi da maɓallin dama a duba Unhide.

Na biyu yana gano lambar da aka rubuta a matsayin rubutu. Idan a Nuwamba aka buga `130 buhu` maimakon `130`, `SUM` zai tsallake gurbin ba tare da ƙorafi ba, jimla ta zama 1,370. `COUNT` lambobi kawai yake ƙirgawa, `COUNTA` kuma yana ƙirga duk gurbin da ba fanko ba, saboda haka bambancinsu shi ne adadin guraben da suka lalace:

```
=COUNTA(Farko:Karshe!B4:C8)-COUNT(Farko:Karshe!B4:C8)
```

Sifili ake so a gani a nan. Idan ta nuna 1, sai a bi shafukan ana duba lambar da ta jingina da gefen hagu na gurbinta, domin Excel yana jingina lambobi a dama, rubutu kuma a hagu, matuƙar ba a sauya tsarin ba.

Na uku yana kama layin da ya goce, ta hanyar lissafa kuɗin shekara ta hanya biyu a kwatanta. A `Jimla`, gurbin `C9` ya tara ginshiƙinsa da `=SUM(C4:C8)`, sannan a gefe a rubuta:

```
=C9-SUM(Farko:Karshe!C9)
```

Idan tsarin shafukan bai goce ba, hanyoyin biyu za su haɗu a sifili. A misalin yis na Yuli kuwa, ɓangaren farko ya rasa albashin watan, ɓangare na biyu kuma albashin kaɗai ya ɗauka daga watan, don haka bambanci mai girma zai bayyana. Kuskuren da ke da alama irin `#DIV/0!` ko `#REF!` ba ya buƙatar bincike na musamman, domin idan yana cikin gurbin da ake tarawa a shafi ɗaya, jimlar ma shi za ta nuna. Domin gano watan da yake ciki, a matsar da `Karshe` zuwa tsakiyar shekara a ga ko kuskuren ya ɓace, a ci gaba da raba rabin da ke da matsalar har a isa ga shafin.

Matsakaici, da abin da nunin ba ya iyawa

Ban da `SUM`, nunin yana aiki da `AVERAGE`, `MAX`, `MIN`, `COUNT`, `COUNTA`, `PRODUCT` da wasu fomulolin ƙididdiga. A misalinmu `=MAX(Farko:Karshe!B4)` zai bayar da 150, `MIN` ya bayar da 110, `AVERAGE` kuma 125. Wajen matsakaici akwai abin lura a tsakiyar shekara. `AVERAGE` yana tsallake gurbin da babu komai a cikinsa, amma yana ƙirga sifili. A ƙarshen Yuni, idan guraben watanni masu zuwa fanko ne, zai raba 740 gida shida ya bayar da kusan 123.3, amma idan an cike su da sifili zai raba gida 12 ya bayar da kusan 61.7. Gurbin `C9` kuwa, da yake fomula ce a cikinsa, sifili yake nunawa a watan da bai zo ba, saboda haka matsakaicin kuɗin wata ya fi aminci idan aka raba jimla da adadin watannin da aka cike, wato `=SUM(Farko:Karshe!C9)/COUNT(Farko:Karshe!C4)`. Haka kuma ba kowane gurbi ne tara shi ke da ma'ana ba: ragowar buhunan da ke sito a ƙarshen kowane wata ba a tara su, na watan ƙarshe kawai ake ɗauka, matsakaicin farashin buhu kuma ana samunsa ne ta raba jimlar kuɗin fulawa da jimlar buhuna.

Fomulolin da ke aiki da sharaɗi, irin su `SUMIF` da `COUNTIF`, ba sa karɓar wannan nuni, `#VALUE!` suke mayarwa. Wannan yana nufin ba za a iya cewa a nemo kalmar sukari a kowane shafi a tara abin da ke gabanta ta wannan hanya ba. Idan an gaji fayil wanda kowane wata da nasa jerin kaya, kuma babu halin daidaita shi, akwai hanyar zagaye. A jera sunayen shafukan 12 a `Jimla` daga `H2` zuwa `H13`, daidai da yadda aka rubuta su, sannan a sa wannan a `C4` a ja ta ƙasa:

```
=SUMPRODUCT(SUMIF(INDIRECT("'"&$H$2:$H$13&"'!A4:A30"),A4,INDIRECT("'"&$H$2:$H$13&"'!C4:C30")))
```

Wannan tana bin sunan kaya maimakon matsayinsa, don haka gocewar layi ba ta dame ta ba. Amma tana da nata raunin. Idan aka sauya sunan shafi ba a gyara jerin ba, ko aka bar gurbi fanko a cikin jerin, `#REF!` za ta nuna. Idan aka rubuta `Sukari` a wani wata da `Suga` a wani, na biyun ba zai shiga lissafi ba, kuma babu gargaɗi. Sannan `INDIRECT` yana sake lissafa kansa duk lokacin da aka taɓa wani gurbi a fayil ɗin, abin da ke sa babban fayil ya yi nauyi. A fayil mai layuka kaɗan kamar na gidan burodin nan, daidaita shafukan 12 su koma tsari ɗaya aikin yamma guda ne, kuma shi na fi so, domin `=SUM(Farko:Karshe!B4)` fomula ce da duk akawun da ya karɓi fayil ɗin daga baya zai karanta ya gane. Idan kuwa kayan sun kai ɗaruruwa kuma jerinsu yana sauyawa kowane wata, to raba su shafi-shafi ne ya daina dacewa, gara a zuba dukkan bayanan a shafi ɗaya mai ginshiƙin wata, a fitar da jimla da `SUMIFS` ko PivotTable.